Hotuna tara na lokaci ɗaya: yadda ake gane wanda ya fi fitowa tar

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ranar sunan ɗan ƙanwata a nan Gombe na ɗauki Hajiyarmu tana riƙe da jaririn a falo, bayan magariba. Na danna har sau tara. A waya duk iri ɗaya nake ganinsu. Ina so in ba da ɗaya a wanke babba a sa a firem, amma na taɓa yin haka hoton ya dawo dishi-dishi. Ta yaya zan gane wanda ya fi fitowa kafin in kashe kuɗina?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya yaro, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Idonki lafiyarsa ƙalau, fuskar wayar ce take ɓoye miki bambancin. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane yanzu suna fitar da hoto mai ɗigo, wato ƙananan ƙwayoyin launin da suke haɗuwa su zama hoto, wajen 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, har da waɗanda aka rubuta wa 50MP a kwali, domin a ɗauka ta yau da kullum haɗe ɗigo huɗu suke yi ya zama ɗaya. Ita kuwa fuskar wayar, faɗinta ɗigo 1080 ne, a ƙananan wayoyi ma 720. Kin ga ke nan sai an matse hoton ya ragu kusan sau uku ko huɗu kafin ya shiga fuskar gaba ɗaya, kuma a cikin matsewar nan ƙananan aibobi suke ɓacewa. Injin wanki ba ya matse komai, buɗe hoton yake yi a kan takarda, sai abin da ya ɓuya ya fito fili. Abin da ya faru da hotonki na baya ke nan.

Saboda haka aikin farko shi ne zuƙowa. Ki goge fuskar wayar, ki ƙara mata haske, ki zauna a inuwa. Ki buɗe hoto na farko, ki sa yatsu biyu ki buɗa shi har ya ninka kamar sau uku zuwa huɗu. Kada ki kai shi ƙarshe. Mutane da yawa suna zuƙowa har sai wayar ta ƙi gaba, daga nan su ga komai ya narke, su ce duk hotunan sun lalace. Ko hoton babbar kyamara aka yi wa haka narkewa zai yi. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne, a hoton mutum daga kai zuwa ƙugu, a zuƙo har fuskar ta cika faɗin wayar, a tsaya nan. Sannan duk hotunan tara a duba su a wuri ɗaya kuma da girma ɗaya. Idan kika duba idon Hajiya a hoto na farko, kika duba ɗankwalinta a na biyu, ba ki gwada komai ba.

Wurin da za ki duba kuwa shi ne ido. Fatar kumatu ba ta gaya miki komai, domin sumul take ko hoton ya fito ko bai fito ba, ga shi kuma wayoyi suna ƙara shafe ta. Ki nemi abu siriri mai gefe: gashin ido, layin kwalli, gashin gira, bakin gilashin ido in tana sawa. Abin da ya fi su duka amfani shi ne ɗan ɗigon hasken nan da ƙwan lantarki yake bari a ƙwayar ido. Ni da shi nake fara aiki kullum, domin siffarsa kaɗai tana faɗa mini abin da ya sami hoton. In ido ya yi duhu ba a ganinsa, dutsen ɗan kunne, duwatsun leshi ko ƙyallin agogo suna yin wannan aikin.

Dishi-dishi a hoto iri uku ne, kowanne da dalilinsa da alamarsa. Na farko shi ne kuskuren fokas, wato kyamara ta saita idonta a kan wani abu daban. A nan ɗigon hasken yana kumbura ya zama ƙwallo mai laushi, zagayayye, bai karkata ko'ina ba. Hujjar da ke tabbatar da shi ita ce za ki sami wani abu a gaba ko a bayan mutumin da ya fito tar: labulen baya, kalandar bango, ko hannun kujerar da ya fi kusa da ke. Kaifin yana nan cikin hoton, wurin da bai dace ba ya sauka.

Na biyu shi ne rawar hannun mai ɗauka. A nan ɗigon hasken yana jan jela, ya zama ɗan layi ko ƙugiya, wani lokaci ma ya rabu biyu. Kuma duk abin da ke cikin hoton jelarsa gefe ɗaya take kallo, har abubuwan da ba sa motsi. Idan kika ga gefen ƙofa da hoton bango da fuskar Hajiya duk sun ja zuwa ƙasa ta dama, hannunki ne ya motsa. A irin wannan hoton babu wuri ko ɗaya da ya fito, duk inda kika zagaya.

Na uku shi ne motsin wanda ake ɗauka. Bango da kujera sun tsaya cak, gefensu kamar an yanka da reza, amma kai ko hannu ya ja jela shi kaɗai. Da jariri a hoto wannan ne ya fi yawa, domin mai riƙe da shi ba ta daina jijjiga shi, shi ma ba ya daina wutsil-wutsil da hannu.

A nan zan faɗa miki wani abu da na daɗe ina gani a wurin aiki. Mutane suna ɗora wa fokas laifin da yawancinsa na motsi ne. Gilashin kyamarar waya ƙarami ne ƙwarai, saboda haka idan mutum yana nesa da ke kamar taku uku ko huɗu, abin da ke ɗan gabansa da ɗan bayansa duk suna fitowa tare. Fokas yana zama babbar matsala ne idan an matso kusa, kamar an zo ɗaukar fuskar jariri ko zanen lalle a tafin hannu, ko kuma duhu ya yi yawa har kyamara tana lalube. A falo bayan magariba, daga nesa kaɗan, kafin ma in ga hotunanki zan ce motsi ne zai raba su.

Dalilin yana cikin lokacin da kyamara take buɗe ido ta karɓi haske. Da rana a tsakar gida tana iya buɗewa ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, babu abin da zai motsa a wannan ɗan lokacin. Shi ya sa ko dokin da ke sukuwa a hawan sallah yakan fito a waya in rana ta take. A ɗaki mai ƙwai ɗaya kuwa dole ta daɗe a buɗe, kuma duk abin da ya gusa a lokacin sai ya bar sawu. Za ki iya ganin wannan lokacin da idonki. Ki buɗe hoton ki ja shi sama, ko ki taɓa alamar i, ko ki shiga Details, gwargwadon irin wayarki. Za ki ga lambobi irin su f/1.8 da 1/33 da ISO 800. Ta tsakiyar nan ita ce lokacin. 1/33 na nufin kashi ɗaya bisa 33 na daƙiƙa, kuma duk yadda lambar ƙasan ta ƙara girma, haka ɗaukar ta ƙara sauri. A ƙarƙashin hasken lantarki za ki yawaita ganin 1/100, 1/50, 1/33 da 1/25. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwai yana ƙyaftawa sau 100, sai wayoyi da yawa su zaɓi lokacin da ya yi daidai da ƙyaftawar don kada layuka su fito a hoton. Ga mutumin da ke zaune shiru, 1/100 ya wadatar, 1/50 ana samun nasara sau da yawa, daga 1/33 zuwa ƙasa kuwa sai an tsinta a cikin hotuna da yawa. To kin yi daidai da kika danna sau tara.

Bari in ba ki labarin wani aiki da na yi, domin ya yi kama da naki sosai. Wani bawan Allah daga Pantami ya kawo mini hotuna bakwai na ranar saukar karatun ɗansa. Yaron yana riƙe da allo, kakansa yana zaune a gefe a zaure, da ƙwai ɗaya a sama. Tsohon ya rasu bayan 'yan watanni, Allah Ya jiƙansa, kuma waɗannan ne hotunansa na ƙarshe da jikan. Don haka ban yi wa aikin gaggawa ba. Shida daga cikinsu an ɗauke su a 1/25, ɗaya a 1/50.

Na fara da ɗan lissafi don in san abin da zan tarar. Faɗin wurin da hoton ya ɗauka ya kai kamar mita biyu, wato santimita 200 a kan ɗigo 4000. Kowace santimita ɗigo 20 ke nan. Idan mutum ya ɗan juya kai a hankali, a ce santimita 10 a daƙiƙa, to a 1/25 kan ya gusa milimita 4, wanda ya zama ɗigo 8. A fuskar waya ɗigo 8 sun koma biyu ko uku, ido ba zai kula ba. A babban hoto kuwa sun isa su shafe gashin ido gaba ɗaya. Hannu ya fi kai sauri nesa ba kusa ba. In ya yi rabin mita a daƙiƙa, ya gusa santimita 2, ɗigo 40 ke nan, kuma wannan ko ba a zuƙo ba ana gani.

Na farko da na bakwai ban ɓata lokaci a kansu ba. A na farko komai ya ja zuwa ƙasa, har rubutun allon da gefen ƙofar zaure, alamar yatsa ya tura wayar lokacin dannawa. A na bakwai jelar ta fi tsawo, mai ɗaukar ya fara sauke hannu kafin wayar ta gama. Wannan abu ne da nake yawan gani, na farko da na ƙarshe su ne suka fi lalacewa, masu kyau suna tsakiya. Na biyu ya ɗan ruɗe ni, domin babu jela ko'ina amma fuskokin sun yi laushi. Da na zagaya cikin hoton sai na tarar da ƙarfen tagar da ke can bayansu ya fito ɗaya bayan ɗaya. Kyamarar ta lalubi haske a duhu ta kama taga. Na ajiye shi gefe. A na uku tsohon ya fito sosai, har zaren aikin hularsa ana ƙirgawa, amma yaron ya juya kai, ɗigon hasken idonsa ya zama layi a kwance.

Saura uku, kuma a nan aikin ya koma na hukunci. Na shida, wanda aka ɗauka a 1/50, ba shi da jela ko kaɗan, kuma a fuskar waya shi ya fi kyau. Amma don wayar ta sami wannan saurin sai ta ninka ISO, wato ta ƙara wa hasken ƙarfi da lantarki. Hakan yana kawo ƙura-ƙura kamar yashi a hoton, sai wayar ta bi ta shafe yashin, ta haɗa da ƙananan abubuwa na gaskiya. Da na zuƙo, gemun tsohon ya zama farin dunƙule kamar an shafa da buroshi, gefen fuskarsa kuma yana da wani farin layi da wayar ta ƙara don ya yi kama da kaifi. Ki kula da wannan tarkon. Gefe mai ƙarfi ba ya nufin hoton ya riƙe komai. Tambayar da za ki yi ita ce, ana iya raba gashi ɗaya da ɗan'uwansa? Ana ganin saƙar yadi? In ba a gani, ado ne wayar ta yi.

Na biyar shi ne ya fi kowanne kaifi daga sama har ƙasa, har wasalin rubutun allon ana karantawa. Sai dai an kama tsohon yana tsakiyar ƙyafta ido, idon ya rufu rabi. Na huɗu kuwa fuskoki biyun duk sun fito, ɗigon hasken idonsu ƙarami ne zagayayye, tsohon yana kallon jikan da fara'a, amma hannun yaron na dama ya ja jela domin yana gyara riƙon allon. Na huɗun na ba shi shawara ya wanke, kuma shi ya ɗauka. Mai kallon hoto fuska yake fara nema, in ta fito ba ya damuwa da hannun da ya ɗan gusa. In fuska ce ta gusa, babu abin da kaifin allo zai gyara.

To a naki hotunan, ki fara yanke shawarar fuskar da ta fi muhimmanci. Ni a ganina ta Hajiya ce, domin fuskar jariri ɗan kwana bakwai ba ta da abubuwa sirara da yawa, kuma yawanci ido a rufe yake, ɗan laushi a kanta ba ya ɓata hoto. Ki bi tara ɗin da sauri a karo na farko, kina zuƙo idon Hajiya kawai, duk wanda kika ga jela ko kumburi ki wuce shi. Waɗanda suka tsira ki danna musu alamar zuciya ko tauraro don su taru a Favourites. Da wuya su wuce uku ko huɗu. Daga nan ki gwada su biyu-biyu, wanda ya yi nasara ya kara da na gaba. Ido ba ya iya riƙe hotuna huɗu a lokaci ɗaya, amma biyu yana iyawa. In kina shakka tsakanin biyun ƙarshe, ki zuƙo kowanne da girma ɗaya ki yi masa sikirinshot, sai ki riƙa jan yatsa tsakanin sikirinshot ɗin biyu. Bambancin da ya ɓuya yakan yi tsalle ya fito in ana sauyawa da sauri haka. Sai bayan kin gama da idonta za ki duba jaririn: layin fatar idonsa, leɓensa, saƙar hularsa ko tawul ɗin da aka naɗe shi.

Akwai wata 'yar alama da nake amfani da ita idan biyu sun yi kunnen doki, wato nauyin hoton da ake gani a Details. Idan wuri ɗaya ne, haske ɗaya, ISO ɗaya, wanda ya fi fitowa yakan ɗan fi nauyi, domin ƙananan abubuwan da ke cikinsa sun fi yawa. Amma yashin nan na duhu shi ma yana ƙara nauyi, don haka kada ki bar lamba ta rinjayi abin da idonki ya gani.

Yana yiwuwa ki duba duka taran ki ga babu wanda ya fito. Kafin ki ɗora wa hannunki laifi, ki duba ko aibin iri ɗaya ne a dukkansu. Rawar hannu tana canzawa daga hoto zuwa hoto, wannan ya ja dama, wancan ya ja ƙasa. Idan kuwa duk suna da hazo iri ɗaya, baƙi ya koma toka-toka, ƙwan lantarki yana fitar da dogon haske ta gefe ɗaya a kowane hoto, to maiƙon yatsa ne ko ƙura a gilashin kyamara. Da hunturu a garin nan kusan kullum sai na goge wa wani gilashin wayarsa kafin ya yarda kyamararsa ba ta lalace ba. Haka nan in kin ɗauka da Portrait, dishi-dishin bayan Hajiya na wayar ne, da gangan ta sa shi, ba zai gaya miki komai game da fokas ba. Abin dubawa a nan shi ne gefen ɗankwali da yatsun jariri, domin nan ne wayar takan yi kuskure ta cinye wani yanki. In kuma gyaran fuska a kunne yake, fatar duk za ta yi sumul, sai ki dogara da ɗan kunne da yadi.

Idan wanda ya fi kyau a cikinsu ma yana da ɗan laushi, girman wankin ne zai cece shi. Hoto mai ɗigo 4000 da 3000, in ya fito sosai, yana kai inci 13 da 10 a wanki mai kyau da za a riƙe a hannu a duba, kuma yana iya wuce haka in a bango za a rataye shi ana kallo daga nesa. Mai ɗan laushi kuwa ki tsaya a inci 5 da 7, ko 8 da 10 in laushin kaɗan ne. Manhajojin da ke cewa suna gyara dishi-dishi ba sa dawo da abin da kyamara ba ta kama ba, ƙirƙirar wani suke yi su cike gurbin, kuma a fuskar mahaifiya kowa a gidan zai ji wani abu ya sauya ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ni ba na ba da shawararsu ga hoton da za a ajiye don tarihi.

Duk wannan binciken a wayar da ta ɗauki hoton za ki yi shi. Wanda aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an riga an rage shi zuwa wajen ɗigo 1600 a tsawo, mai kyau da marar kyau sun kusa zama ɗaya, kuma ina zargin wannan ma yana cikin abin da ya ɓata miki wankin baya. Idan kin zaɓa, ki tura wa mai wankin ta Document, ko ki je da wayar a ciro shi da kebul. Ki tura asalin hoton, kada ki yi kuskuren tura sikirinshot ɗin da kika yi gwaji da shi. In babba za ki wanke, ki roƙe shi ya fara buɗe miki shi a kwamfutarsa ya zuƙo idon Hajiya ki gani, ko ya wanke miki ƙarami ɗaya tukuna. Sauran takwas ɗin kuma ki bar su a wayar har sai firem ɗin ya iso hannunki kin duba shi da rana.